Koyar da bekta a babbar sakandare: taku a fili, sannan igiya da sikeli

Tambaya: Ni sabon malamin fiziks ne, an ba ni 'yan aji biyu na babbar sakandare, su kusan saba'in. Mako biyu ke nan ina koya musu bekta. Sun haddace dokokin, amma da na sauya musu zane sai su rikice, wasu ma su tara 3 da 4 su ba ni 7 ko ina kibiyoyin suka fuskanta. Ta ina zan sake kamo musu bakin zaren?

Amsa: Malam, ka ajiye alli na kwana ɗaya ka fita da su filin ƙwallo. Ka tanadi tef na awo, da igiya mai tsawon mita ashirin da ɗaya ko fiye, da turaku uku, da ɗan toka a gwangwani don shata layi. Ka kafa turke na farko, ka sa yaro ɗaya ya yi tafiyar mita 12 zuwa gabas, a kafa turke inda ya tsaya. Daga nan ya juya ya yi mita 9 zuwa arewa, a kafa na uku. Sai ka yi wa ajin tambaya biyu, ka bar ɗan lokaci tsakaninsu. Ta farko: mita nawa ƙafarsa ta taka? Kowa zai ce 21, kuma sun yi daidai. Ta biyu: in aka ɗaura igiya a turken farko aka miƙe ta zuwa inda yake tsaye yanzu, mita nawa za ta ci? Ka sa kowa ya rubuta hasashensa a takarda kafin a auna. Da yawa za su sake rubuta 21. Sai yara biyu su ja igiyar, a ɗora tef a kanta, a karanta da ƙarfi: 15, ko abin da ya yi kusa da haka.

Wannan tazara ta mita shida tsakanin abin da suka rubuta da abin da tef ya nuna ita ce darasin ranar. Yaron da ke tara 3 da 4 ya samu 7 ba daƙiƙi ba ne. Shekara tara ko goma ana koya masa cewa alamar tarawa aiki ɗaya take yi, kuma bai taɓa ganin ta saɓa ba, a kuɗi, a mudu, a shekaru. Dokar da aka rubuta masa a allo ba za ta ture wannan ba. Abin da ke ture shi sai ya ga igiya da idonsa ta ƙi kaiwa 21. Daga nan ne kalmomin biyu za su sami wurin zama a kansa: nisan tafiya, wanda lamba ce kawai, da gusawa, wato abin da littafinsu ke kira disfilesmen, wanda sai an faɗi tsawonsa an kuma faɗi inda ya nufa.

Kusurwar da ke tsakanin gabas da arewa dole ta zama digiri 90 sosai, in ba haka ba tef zai ba ka 14 ko 16 ka shiga bayanin da ba ka shirya ba. Hanyar magina ita ce mafi sauƙi: a auna mita 4 a layi ɗaya, mita 3 a ɗayan, a gyara har tsakanin bakunan biyu ya zama mita 5. A kowane aji ba ka rasa yaron da ya taɓa bin magini wajen sa harsashin gini, ka bar shi ya jagoranci aikin. Kuma ka kula da abin da kake kira gabas. Yara za su nuna maka inda masallacin makaranta ya fuskanta, domin a bakinmu alƙibla da gabas kusan abu ɗaya ne. A awo ba ɗaya ba ne. Daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68 daga arewa, wato ta karkata arewa da ainihin gabas da wajen digiri 22. Ka yi amfani da kamfas na wayarka ka tsayar da arewa, sannan ka riƙe batun alƙiblar, domin babu misalin da ya fi shi idan ka zo koyar da biyarin, wato kusurwar da ake aunawa daga arewa.

Kafin ku bar filin, akwai abu biyu da ba sa cin minti goma amma suna rage maka wahalar mako guda. Ka sa wani yaron ya tashi daga turken farko ya fara da mita 9 arewa, sannan mita 12 gabas. Zai isa kan turke na uku daidai. Ka shata hanyarsa da toka kusa da ta farko, sai ga siffa mai gefe huɗu ta fito a ƙasa, igiyar ta ratsa ta tsakiya daga kusurwa zuwa kusurwa. Sun ga cewa wanda aka fara da shi ba ya sauya jimilla, kuma sun ga zanen faralelogiram tun kafin ka ambaci sunansa. Abu na biyu, ka riƙe 12 da 9 yadda suke amma ka sauya juyin da yaron ke yi a turke na biyu. In bai juya ba, igiya ta ci 21. In ya juya baya gaba ɗaya, ta ci 3. Duk wani juyi na tsakani zai ba da abin da ke tsakanin 3 da 21. Ka sa su rubuta wannan da babban baƙi a littafinsu: jimillar bekta biyu ba ta wuce tarinsu, ba ta kasa bambancinsu. Wannan shi ne ma'aunin farko da za su riƙa gwada amsarsu da shi har ranar jarrabawa.

Kashegari a aji sai zane da ma'auni, da rula da furotirakta da fensir mai tsini. Ni ina dagewa a kan wannan mataki ko da lokaci ya ƙure, domin yaron da bai taɓa zana bekta da hannunsa bisa ma'auni ba, idan kalkuleta ta ba shi amsar banza ba shi da abin da zai gane ta da shi. Ka ba su wannan: mutum ya yi tafiyar mita 20 a biyarin 060°, sannan mita 15 a biyarin 150°. Ina yake daga inda ya tashi? Biyarin dai kusurwa ce da ake aunawa daga arewa, ana bin juyin hannun agogo, ana rubuta ta da lamba uku. Da ma'aunin santimita 1 a madadin mita 2, kibiya ta farko santimita 10 ce, ta biyu 7.5, wutsiyarta a kan bakin ta farko kamar yadda yaron ya yi a fili.

Ka zagaya cikin layuka ka duba wuri ɗaya tak: inda kibiya ta farko ta ƙare. Yaron da ya gane zai zana sabon ɗan layin arewa a wurin, ya auna 150° daga shi. Wanda bai gane ba zai ɗora furotirakta a kan kibiyar farko ya auna 150° daga jikinta, zanensa ya fita wata siffa daban. A ajin saba'in ba za ka iya karanta aikin kowa ba, amma za ka iya hango wannan ɗan layin arewa daga inda kake tsaye. Wanda ya yi daidai zai sami jimilla mai tsawon wajen santimita 12.5, wato mita 25, a biyarin wajen 097°. Ka karɓi duk amsar da ta faɗa tsakanin mita 24 da 26, domin kaurin fensir da rular roba suna da nasu kuskuren.

Sai a rana ta uku ka kawo rarraba bekta gida biyu, kuma da wannan tambayar dai za ka yi, don su sami abin kwatantawa. Maganar da nake fara musu ita ce: duk tafiyar da aka yi a karkace, ana iya tambayar nawa ta matsar da kai gabas, nawa ta matsar da kai arewa. Tunda daga arewa ake auna biyarin, kason arewa shi ke ɗaukar cos, kason gabas ya ɗauki sin.

```
gabas = 20 sin 60° + 15 sin 150° = 17.32 + 7.50 = 24.82
arewa = 20 cos 60° + 15 cos 150° = 10.00 − 12.99 = −2.99
R = √(24.82² + 2.99²) = 25.0 m
```

Ka tsaya a kan −12.99 ɗin nan ka tambaye su me alamar ɗebewa ke nufi a ƙasa, a fili. Tafiya ta biyu ta gangara kudu da kusan mita 13, ta cinye mita 10 da aka samu zuwa arewa har ta ƙara kusan 3. Yaron da ya iya faɗin haka da bakinsa ya gane. Wanda ya ce "haka kalkuleta ta nuna" bai iso ba tukuna.

Wajen nemo biyarin ɗin jimillar ne aka fi zubar da maki. Yaro zai danna tan⁻¹ na 24.82 bisa −2.99, kalkuleta ta ba shi −83.1, ya kwafe ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Wani zai jefar da alamar ya rubuta 083°, wanda ke nuna mutumin yana arewa da gabas alhali yana kudu da ita. Kalkuleta ba ta san ɓangaren da kibiyar take ba, tana mayar da kusurwa ce tsakanin −90° da 90° kawai. Dokar da nake kafa musu ita ce a yi ɗan zane tukuna: gabas 24.82, kudu 2.99, kibiyar tana ɗan ƙasa da layin gabas. Ƙaramar kusurwar da ke tsakaninta da gabas ita ce tan⁻¹(2.99/24.82), wato 6.9°. A ɗora ta kan 90°, a sami 096.9°, wanda ya yi daidai da zanen jiya. Akwai kuma hanyar tabbatarwa da na ɓoye a cikin lambobin da gangan: tsakanin 060° da 150° digiri 90 ne, saboda haka 20 da 15 gefuna biyu ne na alwatika mai kusurwa 90°, dogon gefenta 25. Ka bar su su gano wannan da kansu, yawanci akwai wanda zai ɗaga hannu.

In ka ga yaro ya sami lambobin da ba su da kan gado alhali tsarinsa daidai ne, ka karɓi kalkuletarsa ka danna sin 30. In ta nuna 0.5 lafiya lau. In ta nuna −0.988, tana kan RAD ne, a mayar da ita DEG. Na sha ganin yaro ya yi mako guda yana zaton shi ne bai iya ba, ashe wani ya taɓa masa maɓalli.

Ina roƙonka kada ka taɓa rubuta musu a allo cewa cos na layin x ne, sin na layin y. Gaskiya ce idan daga layin x aka auna kusurwar, kuma ƙarya ce a biyarin da a kan gangara, waɗanda WAEC da NECO ke kawo tambayoyi a kansu. Malamin lissafi yana auna kusurwa daga gabas yana juyawa saɓanin agogo, kai kana aunawa daga arewa kana bin agogo, yaro kuma yana zaune a tsakaninku da littafi biyu. Abin da ba ya sauyawa shi ne: kason da ke jingine da kusurwar shi ke da cos, wanda ke fuskantar ta shi ke da sin. In yaro ya yi shakka, ya gwada da kusurwar sifili. Wanda ya yi tafiya a biyarin 000° duk tafiyarsa arewa ce, to kason arewa dole ya zama wanda ke ba da 1 a sifili, wato cos. Ya kamata ka zauna da malamin lissafin ko na minti goma ne, ku san abin da kowannenku ke faɗa musu.

Yanzu sai ƙarfi, kuma a nan ne nake ganin littattafai da yawa suna tsallake rami ba tare da sun gaya wa yaro akwai rami ba. A tafiya, ɗora wutsiya kan baki abu ne da ya faru da gaske: an yi ta farko, an gama, aka yi ta biyu daga inda aka tsaya. Amma igiyoyi biyu da ke jan zobe ɗaya a lokaci guda suke ja, kuma daga wuri guda. Babu wadda ta fara daga inda ɗaya ta ƙare. Yaro mai tunani zai tambaye ka me ya ba mu izinin ɗauke kibiya ɗaya mu kai ta bakin ɗaya, kuma tambayarsa tana kan hanya. Wanda bai tambaya ba, sau da yawa shi ne zai zana su wutsiya da wutsiya, ya haɗa bakunansu da layi ya ce ga jimilla, alhali bambancinsu ya zana.

Gadar da nake bi da su ta takarda ce. A manna rula a kan tebur, yaro ɗaya ya riƙa jan fensir a jikinta a hankali zuwa gaba, wani kuma ya riƙa zare takardar da ke ƙarƙashi zuwa gefe a lokaci guda. Idan aka ɗaga takardar, layin ya fita a karkace, kuma ya ƙare inda zai ƙare da an yi motsin ɗaya bayan ɗaya. Haka kwalekwale ke yi idan ya nufi tsallaken kogi ruwa yana jansa ƙasa, shi ya sa masu fito ke karkata hancinsa sama da inda suke son sauka. Wannan ya nuna musu cewa abubuwa biyu na lokaci guda suna taruwa da doka iri ɗaya. Amma ka gaya musu gaskiya: cewa ƙarfi ma yana bin wannan doka abu ne da ake tabbatarwa da gwaji. Simon Stevin ya yi aiki a kansa a 1586, Newton ya shimfiɗa shi a 1687, su ma kuma za su gwada shi yau da hannunsu.

Ba sai kana da cikakken ɗakin gwaji ba. Sikelin sifirin guda biyu masu kaiwa niyuton 10, da zare mai ƙarfi, da ledar fiya wata ɗaya sun isa. Ledar rabin lita ce, nauyinta wajen giram 500, wato wajen niyuton 5 in an ɗauki g a matsayin 10 m/s². Ka rataya ta a sikeli ɗaya tukuna a karanta ainihin nauyinta. Sannan ka ɗaura ta a zare mai reshe biyu, kowane reshe a ƙugiyar sikeli, yara biyu su riƙe a gaban allo yadda za a iya shata layin zaren da alli a auna kusurwa. Idan zarurrukan biyu suna tsaye gefe da gefe, kowane sikeli zai nuna wajen 2.5. Sai su riƙa ja da baya a hankali, kowa daidai da ɗan'uwansa. A kusurwar 60° tsakanin zarurrukan, wajen 2.9. A 90°, wajen 3.5. A 120°, kowane ɗaya ya nuna 5, wato cikakken nauyin ledar. A 150° ya kusa 9.7, sikelin ya kusa ƙurewa, a nan za ku tsaya.

Ka lura da fuskokinsu a 120°. Biyar da biyar sun ɗauki biyar. Yaron da ya shigo da 3 da 4 su ne 7 yanzu yana riƙe da sikelin da ke ƙaryata shi, kuma yana jin jan a yatsunsa. Bayanin kuwa rarrabawar da suka koya a tafiya ce, sai dai gabas da arewa sun koma kwance da tsaye. Kason kwance na zarurrukan biyu suna ja saɓanin juna, sun kashe juna. Kason tsaye ne kawai ke ɗauke da ledar. Idan θ ita ce kusurwar da ke tsakanin zarurrukan, T jan kowane zare, W kuma nauyin ledar, kowane zare ya karkata da rabin θ daga tsaye:

```
2T cos(θ/2) = W
θ = 120°:  2T × 0.5 = 5,  T = 5 N
```

Daga nan ka tambaye su dalilin da ya sa igiyar shanya ba ta taɓa miƙewa sak in an rataya mata jiƙaƙƙen zane, komai ƙarfin wanda ya ɗaure ta. In ta miƙe sak, θ ta zama 180°, cos 90° sifili ne, babu kason tsaye ko kaɗan da zai riƙe zanen. Haka ma mutum biyu da suka ɗauko bokitin ruwa ɗaya, in suka nisanci juna kafaɗunsu sun fi jin jiki. 'Yan mata da ke ɗebo ruwa a ɗakin kwanan ɗalibai sukan riga kowa ba da wannan amsar.

Awon ba zai fito cif ba, kuma gara ka san dalilan kafin yara su tambaya. Sikelin da aka yi don ratayawa a tsaye, in aka karkata shi, nauyin ƙugiyarsa da gogar da sifirin ke yi da jikin bututun suna sauya karatun kaɗan. Ka duba kowannensu yana kan sifili kafin a fara, kuma a tabbata sikelin yana kan layi ɗaya da zarensa. In sikeli ɗaya ya fi ɗaya nuna lamba sosai, yaran ba su karkata daidai da juna ba ne, ka duba da zare mai dutse a rataye a tsakiya. In makarantarku tana da allon gwajin ƙarfi mai fuli biyu, ka rataya giram 300 da 400 a gefuna, 500 a tsakiya. Kusurwar da ke tsakanin zarurrukan sama za ta zauna kusa da 90°. In ta kauce da 'yan digiri, gogayyar fuli ce, a ɗan ƙwanƙwasa allon zaren ya daidaita. Wannan gwajin yana da wani amfani: nauyin tsakiya ba shi ne jimilla ba, shi ne mai daidaita ta, girmansu ɗaya amma suna fuskantar saɓanin juna. Yara suna yawan haɗa su, su ba da girman daidai su juya kibiyar.

Ga tambayar da nake rufe batun da ita, domin tana tona wanda ya haddace da wanda ya gane. Ƙarfi biyu, niyuton 8 da niyuton 5, suna jan abu ɗaya, kusurwar 60° a tsakaninsu. A nemo jimilla. Da rarrabawa, a shimfiɗa layin x a kan na 8. Kason kwance ya zama 8 + 5 cos 60° = 10.5, kason tsaye 5 sin 60° = 4.33. Jimilla √(10.5² + 4.33²) = √129, wato niyuton 11.4, a kusurwar tan⁻¹(4.33/10.5) = 22.4° daga na 8.

Kaso mai yawa na ajin zai kawo maka 7. Sun tuno dokar cos ta ajin lissafi mai alamar ɗebewa, suka zuba 60° a ciki: 64 + 25 − 40 = 49, kuma da suka ga lamba ta fita sumul babu ɓurɓushi sai hankalinsu ya kwanta. Kuskuren shi ne 60° kusurwa ce tsakanin kibiyoyin suna wutsiya da wutsiya. In aka ɗora wutsiyar ɗaya a bakin ɗaya don a yi alwatika, kusurwar cikin alwatikar 120° ce, kuma cos 120° = −0.5, sai ɗebewar ta koma tarawa: 64 + 25 + 40 = 129. Littafin fiziks da ke rubuta R² = P² + Q² + 2PQ cos θ ya riga ya yi wannan juyin ne, dokar ɗaya ce. Bakwai ɗin da suka samu tsawon ɗaya layin ne da ke ratsa faralelogiram, wanda ya haɗa bakunan kibiyoyin, wato bambancinsu.

Ma'aunin farko ba zai kama wannan kuskure ba, domin 7 tana tsakanin 3 da 13. Saboda haka ka ba su na biyu. Da kusurwar 90° ce, jimilla za ta zama √89, wajen 9.4. Tunda 60° ta fi 90° matsewa, ƙarfin biyu sun fi taimakon juna, dole amsar ta haura 9.4. Ko ma ba lissafi, ka tambaye su: mutum yana jan buhu da ƙarfin 8, wani ya zo ya kama masa yana ja kusan ɓangare ɗaya da shi, yaya za a yi jan ya ragu zuwa 7? A ganina, ga ɗalibin da ke tangal-tangal, rarrabawa ta fi dokar cos aminci, domin tana aiki ko ƙarfi uku ne ko biyar, dokar cos kuwa biyu-biyu take ɗauka. Amma ka koyar da duka biyun, kowace ta zama abin duba ɗaya.

Abu ɗaya da ya rage wanda za ka gani a zanensu: wasu za su zana 8, su zana 5, su zana 11.4, sannan in ka ce su lissafa ƙarfin da ke kan abin su ce uku ne. Jimilla ba igiya ta uku ba ce, madadin biyun ce. Ina sa su zana ta da jan biro, su kuma ja 'yan gajerun layuka biyu a kan kibiyoyin da ta maye gurbinsu, haka ma in an rarraba ƙarfi ɗaya gida biyu a soke na asalin. In ba ka gyara wannan yanzu ba, zai dawo maka a darasin gangara, inda yaro zai sa mg, ya sa mg sin θ, ya sa mg cos θ, duk a lissafi ɗaya.

Duka wannan yana cin darasi shida na minti arba'in: fili, zane da ma'auni, rarrabawa sau biyu, gwajin leda da sikeli, sai na tambayoyi. Ranar fili ka raba su rukuni bakwai na mutum goma, in tef ɗaya gare ka ka ƙulla wa kowane rukuni igiya mai ƙulli a kowace mita tun daren jiya. Ka karɓi takardun da suka rubuta hasashensu na 21 ka adana, ka mayar wa kowa tasa a darasi na shida tare da tambayar 8 da 5, ya rubuta sabon hasashe a bayanta kafin ya taɓa kalkuleta.